Kaza 500 daga mako na 16 har tsufa: yadda muke tafiyar da haske, kalsiyam da abinci

Garken da zan yi bayani a kai jajayen kajin ƙwai ne guda 500, irin Isa Birawun, waɗanda aka ƙyanƙyashe a farkon Oktoba. Suna zaune a ƙasa kan ɓuntun shinkafa, cikin ɗaki mai raga a gefe, faɗinsa mita 8, tsawonsa mita 12, a yankin Kano. Na zaɓi 'yan Oktoba ne saboda su ne masu wuyar sha'ani. Suna cika mako 17 a ƙarshen Janairu, lokacin da rana take gajera, kuma suna kai ganiyar ƙwai a Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da kaza ba ta son cin abinci. Wanda ya iya riƙe wannan garke, sauran ba za su ba shi wahala ba.

Aikin yana farawa da sikeli, kafin a taɓa fitila. A mako na 16 muna kama kaza 50 daga kusurwoyin ɗakin dabam-dabam, mu auna su ɗaya bayan ɗaya, mu rubuta. Abin da muke nema shi ne matsakaicin nauyi ya kai kilo 1.4, kuma mafi yawansu, kamar 42 ko 43 cikin 50, su kasance tsakanin kilo 1.26 da 1.54. Idan matsakaicin ya tsaya a kilo 1.25, ba ma ƙara haske ko da kalanda ta ce lokaci ya yi. Sai mu ci gaba da ba su abincin girma, mu sake auna su bayan mako guda. Dalili kuwa, haske yana iya tilasta wa kaza fara ƙwai ko jikinta bai gama ginuwa ba. Irin wannan kaza takan yi ƙananan ƙwai, bayanta ya zazzago wajen nasawa, 'yan'uwanta su ga jan nama su bi ta da tsaga har ta mutu. Wadda ta tsira kuma takan kai ganiya ta faɗo da wuri, don ba ta da ajiyar jiki. Jinkirin mako guda ko biyu a farko ya fi wannan asara sauƙi nesa ba kusa ba.

Kaza tana auna tsawon yini ne. Haske yana shiga ta idonta, yana kuma ratsa ƙoƙon kanta ya isa ƙwaƙwalwa, daga nan saƙo ya tafi mahaifa a fara girmar da gwaiduwa. Yinin da ke ƙaruwa yana zaburar da ita, wanda ke raguwa yana sanyaya ta. A Kano yini ba ya sauyawa sosai kamar a Turai, amma yana sauyawa: kusan awa 11 da minti 25 a Disamba, kusan awa 12 da minti 50 a Yuni. Ka ƙara hasken alfijir da na bayan faɗuwar rana, wanda kaza take gani a ɗaki mai raga, ya zama ƙarin kamar minti 40. Wannan bambanci na awa ɗaya da rabi ya isa ya sa garken da ba a kunna wa fitila ya riƙa raguwa daga kaka zuwa hunturu, mai shi yana ta zargin abinci.

Da nauyi ya kai, a mako na 17 muka kai hasken yini awa 13, daga ƙarfe 6:00 na safe zuwa 7:00 na yamma. Daga nan kowane mako muna ƙara minti 30, har muka kai awa 16 a mako na 23. Rabin ƙarin a ɓangaren asuba muke sa shi, don mun san zafi na tafe, kuma sanyin asuba shi ne lokacin da kaza ke ci da daɗin rai. A ƙarshe jadawalin ya tsaya a kan kunna wuta ƙarfe 4:30 na asuba, kashewa ƙarfe 8:30 na dare. A aikace fitilu suna ci daga 4:30 zuwa 7:00 na safe, sai daga 6:00 na yamma zuwa 8:30. Waɗannan lokuta biyu, na tashi da na kwanciya, ba sa motsi har ranar da za a sayar da garken. Rana ce ke sauyawa a tsakani, mu kuma muna cike giɓin. Wuce awa 16 ko 17 ba ya ƙara ƙwai ko ɗaya. Barin wuta har gari ya waye, kamar yadda wasu ke yi don tsoron ɓarayi ko don a ce kaji su ci da yawa, hana su hutu ne, kuma yana ƙara tsage-tsage a tsakaninsu.

A ɗakin nan fitila takwas muka rataya, irin na zamani marasa cin wuta, wat 9 kowace, layi biyu huɗu-huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta mita 3, tsayinsu daga ƙasa mita 2. Muna zaɓar masu haske ja-ja irin na fitilar da, ba masu fari-fat mai shuɗi-shuɗi ba, don jan haske ya fi ratsa ƙoƙon kai. Gwajin da ba ya buƙatar na'ura shi ne ka tsuguna a kusurwa mafi duhu, daidai tsayin kan kaza, ka buɗe jarida. Idan ka karanta ƙananan haruffa ba tare da matse ido ba, hasken ya isa. A hunturu kuwa ƙura takan lulluɓe fitilun ta cinye wani kaso mai yawa na haskensu ba tare da kowa ya lura ba, shi ya sa duk Juma'a ake goge su da busasshen tsumma.

Babbar matsala ita ce ɗaukewar wuta. Daren da fitila ta mutu ƙarfe 7:00 maimakon 8:30, wurin kaza yini ne ya gajarta. Dare ɗaya ba ya yin ɓarna mai yawa, amma uku ko huɗu a mako yana yi, kuma ba washegari ake gani ba. Gwaiduwa tana ɗaukar sama da mako guda kafin ta girma ta faɗo, saboda haka raguwar takan bayyana bayan kwana bakwai zuwa goma, lokacin da an riga an manta da daren da aka yi duhu. Mu dai mun raba fitilun kaji da sauran wutar gona gaba ɗaya. Fitila takwas wat 72 ke nan, awa biyar a rana ya zama wat-awa 360. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da kusan 1,200, rabinsa ne ake so a ja don ya yi ƙarko, wato 600. Ya isa har da rara. Faifan sola ɗaya mai wat 150 zuwa 200 yana cika shi a yini. Sai taima mai kunnawa da kashewa da kanta, domin ma'aikacin da zai tashi ƙarfe 4:30 kullum na tsawon shekara ba tare da makara ba, ba a haife shi ba tukuna.

Haske ya buɗe ƙofa, yanzu sai maganar abin da za a yi ɓawon da shi. Ɓawon ƙwai ɗaya yana da nauyin giram 5.5 zuwa 6, kuma a cikinsa akwai kalsiyam zalla kamar giram 2. Hanjin kaza ba ya tsotse duk abin da ta ci, kusan rabi ne ke shiga jini, don haka tana buƙatar giram 4 zuwa 4.5 a abincinta na kowace rana. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne lokacin. Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu, kuma kusan awa 20 daga ciki yana zaune ne a jakar da ake yi masa ɓawo. Kazar da za ta nasa ƙwai ƙarfe 8:00 na safe, ɓawonsa daga yammacin jiya aka fara shi, aka kwana ana yi. Wato lokacin da ta fi buƙatar kalsiyam shi ne tsakar dare, tana cikin duhu ba ta cin komai.

Idan cikinta babu kalsiyam a lokacin, daga ƙashinta take ɗiba. Akwai wani laushin ƙashi da ke tsirowa a cikin ɓargon manyan ƙasusuwanta kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ƙwan farko, shi ne rumbunta, tana ɗiba da dare tana mayarwa da rana. Saboda shi ne muke ba da abincin share fage kafin na masu ƙwai. Da muka ga zankonsu ya fara ja yana kumbura, muka ba su abinci mai kalsiyam kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100 na tsawon kwana goma, kada ya wuce kilo ɗaya ga kowace kaza. Idan babu shi a kasuwa, haɗa abincin girma da na masu ƙwai rabi da rabi yana ba da kusan haka. Da ƙwai ya kai biyu cikin ɗari, wato guda goma a rana ga kaza 500, muka koma cikakken abincin masu ƙwai. Kuskure a nan gefe biyu ne. Wanda ya bar su kan abincin girma, mai kalsiyam kashi 1 kacal, har suka kai kashi 20 ko 30 na ƙwai, waɗanda suka riga fara nasawa sun cinye ƙashinsu, kuma su ne mafi kyawun kajin garken. Wanda kuma ya ba 'yan mako 12 ko 13 abincin masu ƙwai don ya fi araha ko don shi ke hannu, ya ɗora wa ƙodarsu nauyi, zai ga kashi mai ruwa-ruwa da mutuwar ɗai-ɗai nan gaba, a buɗe gawar a ga farin abu kamar alli a kan zuciya da hanta.

Ga haɗin da muke yi na kilo 100 ga masu ƙwai: masara kilo 57, tunkuzar waken suya da aka tatse mai kilo 24, dusar alkama kilo 7.3, dutsen farar ƙasa ko ɓawon kawa kilo 8.5, garin ƙashi kilo 2.5, gishiri giram 300, firimis na masu ƙwai, wato haɗin bitamin da ma'adinai, giram 250, sai metiyonin, ɗaya daga sinadaran da ke gina furotin, giram 150. Wannan yana ba da furotin kusan kashi 17, kalsiyam kusan kashi 3.9. Lissafin kalsiyam ɗin mai sauƙi ne: dutse mai kyau da ɓawon kawa kowannensu yana da kashi 36 zuwa 38, don haka kilo 8.5 ya ba da kilo 3.1 da ɗoriya, garin ƙashi ya ƙara kamar giram 700, sauran kayan suka kawo ɗan abin da ya rage. Garin ƙashin nan don fosforos aka sa shi musamman. Ba a mayar da shi tushen kalsiyam, domin fosforos idan ya yi yawa shi kansa yana lalata ɓawo.

Girman ƙwayar dutsen yana da muhimmanci kusan kamar yawansa. Wanda aka niƙa ya zama gari yana narkewa ya wuce cikin 'yan awoyi, kafin tsakar dare babu shi. Mai tsakuwa, girman milimita 2 zuwa 4, wato kamar ƙwayar dawa, yana tsayawa a ƙundu yana narkewa a hankali har asuba. Muna sa kashi biyu cikin uku mai tsakuwa, ɗaya gari. Idan kana kai kaya injin niƙa, ka ce kada a zuba dutsen a injin tare da masara, a zuba shi wajen cakuɗawa kawai, in ba haka ba duk ya koma gari. Sabon dutse kuma ba ma yarda da shi sai mun jefa kaɗan cikin ruwan tsami mai ƙarfi irin na kwalba: mai kyau yana tafasa da kumfa nan take, wanda aka cakuɗa da yashi kuwa yashin zai kwanta a ƙasa bai narke ba. Akwai wani irin dutse mai yawan maganiziyam, yana kumfa a hankali, yana sa zawo da siririn ɓawo, ba na kaji ba ne. Kalsiyam ɗin kuma ba ya shiga jini sai da bitamin D3, wanda ke cikin firimis. Firimis da ya daɗe a shago cikin zafi, ko aka buɗe shi wata da watanni, ƙarfinsa ya ragu. A duba ranar da aka yi shi kafin a biya.

Rabon abinci muna bin lokacin ɓawon ne. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. A kan giram 115, kaza 500 kilo 57.5 ke nan, buhu biyu na kilo 25 da kilo 7.5. Kashi 40 muke zubawa da asuba da kunna wuta, wato kilo 23, sauran kilo 34.5 kuma bayan la'asar, don ta kwanta da cikinta cike. Tsakanin hantsi da azahar muna bari mazubai su ƙare tas na awa ɗaya ko biyu. Kaza mai zaɓe ce, takan tsince fasassun masara ta bar gari, alhali firimis da metiyonin da gishiri duk a garin suke. Wanda ke ƙara sabon abinci kan tsoho kullum, garin nan yana taruwa a ƙasan mazubi har ya yi tsami a zubar, kaji kuwa masara kawai suka ci. Za su yi ƙiba, ƙwai ya ragu.

Daga ƙwan farko zuwa ganiya ba ma taƙaita musu abinci. A wannan tsakanin cinsu yana buƙatar tashi daga wajen giram 80 ko 85 zuwa 115, suna ƙwai kuma suna ci gaba da girma, har su kai wajen kilo 1.9 a mako na 30. Muna ci gaba da auna kaza 50 duk mako. Idan nauyi ya tsaya cak ko ya koma baya alhali ƙwai na hawa, kaza tana cin jikinta ne, kuma faɗuwar ƙwai na nan tafe cikin mako biyu ko uku. Sikeli yana faɗa maka kafin kiret ya faɗa.

Garken ya kai kashi 90 a wajen mako na 25, ƙwai 450, kiret 15 a rana. Sai Afrilu ya shigo, zafi ya haura digiri 40 da rana, kuma a nan ne abubuwan uku suke haɗuwa wuri guda. Abin da ya fara bayyana a littafi shi ne ragowar abinci. Mun zuba kilo 57.5, da safe mun auna ragowa kilo 10. Cinsu ya sauka zuwa giram 95 ke nan. Abincin bai canza ba, rubutun jikin buhu ko lissafin haɗi yana nan daidai, amma kaza ba kashi cikin ɗari take ci ba, giram take ci. Kashi 3.9 na giram 115 ya ba ta kalsiyam giram 4.5, kashi 3.9 na giram 95 kuwa giram 3.7 ne. Furotin ya sauka daga giram 19.5 zuwa 16. Bayan wannan ga haki. Kaza ba ta gumi, baki take buɗewa tana haki, kuma hakin yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima. Ɓawo kuwa haɗin kalsiyam ne da kabonet, kabonet ɗin daga wannan iskar ake samunsa. Shi ya sa a bazara ko kalsiyam ya wadata ɓawo yakan yi siriri. Alamun suna zuwa a jere: ƙwai ya fara ƙanƙancewa, fasassu su ƙaru a kiret, sannan adadi ya sauka.

Abu huɗu muka yi. Na farko, muka ƙara ɓawon kawa mai tsakuwa giram 2 ga kowace kaza, kilo ɗaya ke nan ga garken duka, ana barbaɗa shi kan abincin la'asar. Giram 2 yana ba da kalsiyam wajen giram 0.75, ya mayar da ita kan giram 4.4. Na biyu, muka buɗe cin tsakar dare: fitila ta kama ƙarfe 11:30 ta mutu ƙarfe 1:00. Sharaɗinsa a bar duhu na aƙalla awa uku kafinsa da awa uku bayansa, to kaza ba ta lissafa shi cikin tsawon yini, tashi kawai take ta ci ta sha a lokacin da gari ya yi sanyi, daidai lokacin da ake gina ɓawo. Dole mazubai su kasance da abinci a lokacin, in ba haka ba an tashe su a banza. Wannan kaɗai yakan dawo da giram 5 ko fiye na ci, kuma batirin nan yana ɗauka, don jimlar ta zama wat-awa 468. Idan damina ta sauka ana janye shi a hankali, minti 15 duk mako, ba a yanke shi dare ɗaya. Na uku, muka sa sodiyam bayikabonet giram 200 a kowane kilo 100 na abinci, muka rage gishiri zuwa giram 200 don kada sodiyam ya yi yawa kashi ya jiƙe. Wasu na sa kanwa a madadinsa. Ni ban yarda da haka ba, don ƙarfin kanwa ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, ba ka san nawa ka zuba ba. Na huɗu, muka cire kilo ɗaya na dusa muka sa kilo ɗaya na man waken suya, saboda mai yana ba da ƙarfi ba tare da ɗumama jiki kamar sauran abinci ba, yana kuma kama garin ya manne da tsakin.

Ruwa ba ya cikin abubuwa ukun, amma shi ke riƙe da su. A sanyi kaza na shan kamar ninki biyu na abin da ta ci, wajen lita 110 zuwa 120 ga garken nan a rana. A bazara yana iya ninkawa. Ruwan da ya yi zafi a baƙin tanki ko a bututun da rana ke duka, kaza ba za ta sha ba, wadda ba ta sha ba kuwa ba za ta ci ba. Tankinmu yana ƙarƙashin rumfa, an naɗe shi da buhun algarara da ake jiƙawa, kuma da azahar ana zubar da ruwan mashaya a sa sabo. Ba ma ba da abinci tsakanin ƙarfe 11:00 na safe da 4:00 na yamma a wannan lokaci, domin narkar da abinci yana ƙara zafin jiki, kuma masu ƙibar cikinsu su ne ke fara faɗuwa. Da wannan tsari ci ya koma wajen giram 105, ƙwai ya tsaya tsakanin kiret 14 da 15 har ruwa ya sauka.

Damina tata matsalar dabam ce. Hadari yana duhunta ɗaki tun ƙarfe 5:00 na yamma, don haka a irin ranar ana kunna fitila da hannu kafin taima. Sai ruɓewar kaya. Masarar da ba ta bushe ba da tunkuzar gyaɗa suna kama fumfuna mai dafin afulatoksin, wanda ke cin hanta, hanta kuwa ita ce ke fara sarrafa bitamin D3. Sai ka ga ɓawo ya lalace, kana ta ƙara dutse babu canji. Idan haka ta faru, ka shinshina masara, ka fasa 'yan ƙwayoyi ka duba cikinsu, ka canza buhu kafin ka ƙara wani abu. Ba ma haɗa abincin da ya wuce na mako biyu a damina, buhuna kuma kan katako suke, nesa da bango. Duk canjin abinci, ko na kamfani ko na haɗi, muna yin sa cikin kwana huɗu zuwa biyar ana cakuɗa tsoho da sabo.

Ba kowane lalacewar ɓawo ba ne na abinci, kuma rarrabewa tana hana ɓarnar kuɗi. Na ƙarancin kalsiyam yana zuwa sannu a hankali, kaji lafiya lau, ɓawon siriri ne amma launinsa da siffarsa daidai. Idan ya yi nisa za ka samu kaza zaune ta kasa tashi, idonta garau, tana ci idan an kawo mata, ka shafa ƙashin ƙirjinta ka ji ya lanƙwashe. An fi ganin wannan a keji. Irinta ana ware ta a ƙasa da ruwa da ɓawon kawa a gabanta, da yawa suna miƙewa cikin mako guda. Idan kuwa ƙwai ya faɗi farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, jan ɓawo ya koɗe ya koma fari, wasu sun yamutse, farin ƙwai ya tsinke kamar ruwa, ga tari ko koren kashi, wannan cuta ce, mashaƙon kaji ko Niyukasil. A kira likitan dabbobi, a duba ranar da aka yi musu rigakafin Niyukasil na Lasota na ƙarshe. Dutse ba zai yi komai a nan ba. Ƙwai ɗaya ko biyu marasa ɓawo da safe a makonnin farko na nasawa, ko washegarin daren da wani abu ya firgita su, ba abin damuwa ba ne.

Daga mako na 45 zuwa sama garken yana shiga wani hali. Ƙwai yana ƙara girma, daga giram 60 ko 62 zuwa 64 ko 65, amma yawan ɓawon da kaza ke iya yi kusan bai canza ba, sai ya shimfiɗu a kan babban ƙwai ya yi siriri. Hanjinta ma ya rage tsotsa. A nan muke ɗaga dutse daga kilo 8.5 zuwa 9.5, mafi yawansa mai tsakuwa, mu rage garin ƙashi zuwa kilo 2, waken suya zuwa 22, metiyonin zuwa giram 120, mu cike gurbin da dusa. Man da aka sa a bazara an riga an cire shi, domin shi da metiyonin su ne ke ƙara wa ƙwai girma. Manyan ƙwai suna da farin jini a kasuwa, amma guda biyu da suka fashe a kowane kiret sun cinye ribar. Ana rage furotin ne sannu-sannu, ana duba littafi: idan adadi ya sauka fiye da yadda ya saba bayan ragin, an yi gaggawa, a mayar da rabin abin da aka cire.

Raguwar kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a mako bayan ganiya ta tsufa ce, babu haske ko abincin da zai hana ta. Ga kaza 500 wannan ƙwai biyu ko uku ne a rana duk mako, kuma da mutuwar ɗai-ɗai a ciki garken da ya yi kiret 15 a Afrilu zai kasance wajen kiret 12 a Nuwamba, yana mako na 60. Nuwamba kuwa rana ta sake gajarta, ga ƙurar hunturu, don haka fitilun yamma suna komawa kamawa ƙarfe 5:30, na safe su kai 7:15, gogewar Juma'a ta dawo. Sanyi yana ɗaga ci zuwa giram 120 ko fiye, to a nan ƙarin ɓawon kawa na la'asar ba lallai ba ne sai idan fasassu sun wuce uku cikin ɗari. Wata-wata muna bi da dare da tocila muna taɓa ƙasusuwan gindinsu. Wadda yatsu biyu ba sa shiga tsakani, zankonta ya bushe ya koɗe, ƙafafunta da bakinta sun dawo rawaya, ta daina ƙwai. Giram 120 take ci kullum kamar kowa, don haka da safe kasuwa za ta.